Makulli a Hannun Wa? Bambancin Haya da Izinin Zama a Shago

Babu abin da ke karya zuciyar ɗan kasuwa kamar ya yi sammako ya iso shagonsa ya tarar an ƙara wani kwaɗo a kan nasa. Kayansa na ciki, littafin bashi na ciki, masu sayayya sun fara taruwa, shi kuwa yana tsaye a waje kamar baƙo. Idan ya tambaya sai a ce masa mai gini ne ya aiko, wai ya ce yana son wurinsa. Daga nan sai hayaniya, sai kiran shugaban kasuwa, wani lokaci har ofishin 'yan sanda.

Idan irin wannan magana ta kai gaban lauyan da ya san aikinsa, ba zai fara da tambayar nawa kake biya ba. Abin da zai so ya ji shi ne yadda kake zaune a wurin. Kai kaɗai ke da makulli? Mai gini yana shigowa ba tare da sallama ba? Yana da ikon ya ce yau ka koma wancan lungun? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna ko kai ɗan haya ne na sosai, ko kuwa mutum ne da aka ba izinin zama kawai. A kasuwa duka biyun haya muke kiransu, domin duka ana biyan kuɗi. A gaban alƙali kuwa abubuwa biyu ne daban, kuma ranar da aka zo tashin mutum ne bambancin ke fitowa fili.

Bayanin da ke tafe ya shafi dokar Nijeriya ne, wadda ta gaji wannan rabe-rabe daga dokar Ingila. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna bin wani tsarin dokar kasuwanci na daban, wato na OHADA.

Mene ne haya, mene ne izini?

Haya ta sosai, wadda lauyoyi ke kira lis, ita ce mai gini ya damƙa maka wuri sananne na wani lokaci sananne, ya zama kai kaɗai ke da iko da shi a tsawon lokacin. Ginin nasa ne, ba a yi musu ba. Amma amfanin wurin da ikon hana kowa shiga sun dawo hannunka har wa'adin ya cika, kuma wannan kowa ɗin ya haɗa da shi kansa mai ginin. Idan yana son ya duba rufi ko wayar lantarki, sai ya sanar da kai ya nemi lokaci. Doka tana kallon ɗan haya a matsayin mai wani haƙƙi a jikin wurin, haƙƙin da ke manne da shagon ko da ginin ya sauya hannu.

Izinin zama kuwa, wanda ake kira lasisi, bai kai nan ba. Yarda ce kawai aka yi maka ka shiga wurin wani ka yi wani abu, wanda da babu yardar da sai a ce ka yi kutse. Wurin yana nan a hannun mai shi. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, shi ke cewa ga inda za ka tsaya. Mai shayin da ke kafa teburinsa a gaban wani kanti da yamma, da mai sayar da turare da aka ba kanta ɗaya a cikin babban kanti, da mai cire kuɗi da na'ura da aka ba kusurwa a gidan mai, galibinsu izini suke da shi. Biyan kuɗi duk wata bai mayar da su 'yan haya ba. Abin da suka saya shi ne damar yin sana'a a wurin, ba riƙon wurin ba.

Ma'auni uku ake dubawa kafin a ce abu haya ne. Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne ikon riƙe wurin kai kaɗai. Na biyu shi ne wa'adi sananne, ko dai shekara biyu cur, ko kuma wanda ke sabunta kansa wata-wata ko shekara-shekara. Na uku shi ne kuɗin haya. Idan waɗannan uku suka haɗu, da wuya kotu ta ce ba haya ba ce.

Sunan takarda ba shi ne hukunci ba

Da yake ɗan haya ya fi wahalar tasa, wasu masu gine-gine sun gano dabarar rubuta kalmar lasisi da manyan baƙaƙe a saman yarjejeniya, su ƙara da layin da ke cewa mai sa hannu ya yarda shi ba ɗan haya ba ne. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kuma an daɗe da yi mata magani.

A shekarar 1985 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawan Lod, ta yanke hukunci a shari'ar Street da Mountford. Wani lauya ne ya ba wata mata ɗakuna a kan fam 37 duk mako, ya sa ta sa hannu a takardar da ke cewa lasisi ne ba haya ba. Da rigima ta tashi, sai ya kafa hujja da wannan takarda. Alƙali Lord Templeman ya ƙi yarda. Ya ce tunda matar ita kaɗai ke riƙe da ɗakunan, ga wa'adi, ga kuɗi, to haya ce ko me aka rubuta. Ya buga misali da maƙerin da ya ƙera abin tono mai yatsu biyar: ko ya dage cewa shebur ya yi niyyar ƙerawa, abin da ya fito daga maƙerarsa dai mai yatsun ne. Da Hausa sai mu ce kiran jaki da sunan doki ba ya sa shi sukuwa ranar hawan sallah. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan kotunan Nijeriya, amma suna yin la'akari da shi, kuma su ma abin da ke faruwa a zahiri suke dubawa tare da abin da aka rubuta.

Ma'aunin yana yanka ta ɓangare biyu. A 1971, a shari'ar kamfanin Shell-Mex da wani garejin Manchester, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce mai gudanar da gidan man lasisi yake da shi, domin kamfanin ya riƙe wa kansa ikon shiga da sa ido a kan wurin, bai taɓa sakin sa gaba ɗaya ba. Saboda haka kada wanda aka ba kusurwa ya ɗauka cewa daɗewa ko yawan kuɗin da yake biya sun isa su mayar da shi ɗan haya.

Mai karatu zai iya auna kansa da tambayoyi kaɗan. Wurin da kake yana da bango da ƙofa da lamba, ko fili ne da ake nuna maka da yatsa? Idan ka rufe ka tafi, akwai wanda zai iya buɗewa ba da saninka ba? An taɓa matsar da kai daga wannan gefe zuwa wancan, kuma yarjejeniya ta ba su damar yin haka? Kuna raba wurin da wasu waɗanda mai gini ne ya kawo su ba kai ba? Idan mai gini ya ajiye makulli na biyu don gudun gobara kawai, wannan bai rushe hayarka ba. Amma idan shi ne ke buɗe wurin da safe, ya rufe da dare, ya tsara wa kowa mazauninsa, to alamun izini sun fi yawa.

Mutum biyu a fulaza ɗaya

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata fulaza ce a Wuse, cikin Abuja, inda dokar karɓar gine-gine daga 'yan haya ta Babban Birnin Tarayya ke aiki.

Mutum na farko mai sayar da atamfa ne. Ya kama shago mai ƙofar ƙarfe a ƙasa ranar 1 ga Janairu 2021 a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Takardar da ya sa wa hannu ta shekara ɗaya ce, an rubuta mata lasisi, kuma ba ta ce komai a kan tsawon notis ba. Shi ya sayi kwaɗonsa, shi ya sa katako, ba wanda ke shiga sai da yardarsa. Da shekara ta ƙare ba a sake rubuta wata takarda ba. Ya biya kuɗin 2022, aka karɓa aka ba shi rasit, ya biya na 2023, shi ma aka karɓa.

Mutum na biyu mai gyaran waya ne. An ba shi tebur a barandar shiga a kan naira dubu ashirin a wata. Manajan fulaza ne ke nuna masa inda zai ajiye teburin, kuma sau biyu ana matsar da shi. Da dare yana tattara kayansa ya kai ɗakin ajiya, maigadi ya rufe get. Ranar 1 ga Yuli 2023 ya biya kuɗin wata shida gaba ɗaya, naira dubu ɗari da ashirin.

A watan Agusta 2023 sai mai fulaza ya sayar da ginin. Sabon mai gini ya aiko da takarda: kowa ya tashi cikin mako biyu, za a yi gyara.

Mu fara da mai atamfa. Duk da sunan da ke saman takardarsa, ma'aunan nan uku sun cika a kansa, don haka ɗan haya ne. Kuma tunda wa'adin farko ya ƙare ya ci gaba da biyan kuɗin shekara ana karɓa, ya zama ɗan hayar shekara-shekara. Wanda ya sayi ginin ya saye shi da wannan hayar a kansa, domin mutum ba ya sayar da abin da ya riga ya fita daga hannunsa. Sabon mai gini ya hau kujerar tsohon ne kawai.

Doka ta tsara tsawon notis idan yarjejeniya ta yi shiru. Mai hayar mako-mako, da wanda yake zaune sai yadda mai gini ya ga dama, mako ɗaya. Mai hayar wata-wata, wata ɗaya. Mai hayar wata uku-uku, wata uku. Mai hayar shekara-shekara, wata shida. Kenan takardar mako biyu ba ta taɓa mai atamfa ba.

Akwai kuma wata ƙa'idar da aka daɗe ana bi, cewa notis ɗin mai hayar shekara ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar hayarsa. Shekarar mai atamfa tana ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba. Don a tashe shi a ƙarshen 2023, da sai an miƙa masa notis ranar 30 ga Yuni ko kafin nan. Tunda an riga an shiga Agusta, wannan dama ta wuce. Bisa wannan ƙa'ida, ranar da ta fi kusa ita ce 31 ga Disamba 2024, da sharaɗin notis ya isa hannunsa kafin Yunin 2024 ya fita. Jihar Legas ta sassauta wannan a dokarta ta haya ta 2011, inda ta ce ba dole ne notis ya faɗa daidai ranar cikar shekara ba, wanda ke nuna cewa dole mutum ya duba dokar jiharsa.

To, a ce an ba shi notis daidai, 31 ga Disamba 2024 ta zo, bai fita ba. Har yanzu ba a kai ga kwaɗo ba. Mataki na biyu shi ne wata takardar ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gini zai je kotu neman wurinsa. Kwana bakwai cikakku ake ƙirgawa, ban da ranar da aka miƙa takardar. Idan an miƙa ta ranar 2 ga Janairu 2025, ƙirge zai fara daga 3 ya ƙare 9 ga wata, sannan a shigar da ƙara daga ranar 10. Idan lauya ko wakili ne zai sa hannu a madadin mai gini, ana so ya kasance yana da izinin mai ginin a rubuce, kuma an sha yin watsi da ƙara saboda rashin wannan.

Mataki na uku shi ne shari'a. Alƙali zai saurari ɓangarorin biyu, idan ya gamsu ya ba da umarnin a bar wurin zuwa rana kaza. Mataki na ƙarshe, idan ɗan haya ya ƙi bin umarnin, ma'aikatan kotu ne za su zo da takardar zartarwa su fitar da shi. Ba yaran mai gini ba, ba 'yan banga ba.

Sai dai wannan kariya ba kyauta ba ce. Duk ranar da mai atamfa ya ƙara a shagon bayan hayarsa ta ƙare, bashi ne a kansa. Kotu za ta lissafa masa kuɗin zaman da ya yi, a misalinmu naira dubu ɗari duk wata. Idan shari'a ta ci wata takwas, dubu ɗari takwas ke nan, ban da kuɗin lauya. Haka kuma a 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta nuna rashin jin daɗinta da yadda 'yan haya ke fakewa da ɗan kuskure a notis suna shafe shekaru a gidan mutane. A cikin hukuncin an bayyana ra'ayin cewa takardar sammaci kanta sanarwa ce, kuma idan lokacin da ya kamata ya wuce bayan an miƙa ta, kuskuren notis ba zai ceci ɗan haya ba. Lauyoyi suna muhawara a kan iyakar wannan magana, amma saƙon a fili yake: notis lokaci ne na neman wani wuri, ba mafakar cin haƙƙin mai gini ba.

Yanzu mu koma kan mai gyaran waya. Shi ba shi da wuri tsayayye, ba shi da makulli, ana matsar da shi yadda aka so. Izini yake da shi, kuma izini alƙawari ne tsakaninsa da wanda ya ba shi. Bai manne da ginin ba. A ƙa'ida sabon mai gini bai ɗauki wannan alƙawari ba, sai idan shi da kansa ya amince zai ci gaba da shi. Ba shi da haƙƙin notis na wata shida. Abin da yake da shi shi ne a sanar da shi an janye izinin, a kuma ba shi lokacin da hankali zai ɗauka ya kwashe kayansa ya sallami masu wayoyin da ke hannunsa. Ga mai tebur ɗaya, mako biyu zai iya wadatarwa.

Kuɗinsa fa? Ya biya wata shida, ya ci biyu. Ragowar wata huɗu, naira dubu tamanin, zai bi tsohon mai ginin ne da su, domin shi ya karɓa kuma shi ya saɓa alƙawari. A nan ne asalin bambancin yake. Idan aka zalunci ɗan haya, yana iya neman kotu ta bar shi a wurinsa har wa'adinsa ya cika. Idan aka zalunci mai izini, mafi yawan lokaci abin da zai samu shi ne kuɗi, wurin kuwa ya tafi. Ga ɗan kasuwar da ya shekara biyar yana tara abokan ciniki a lungu ɗaya, mayar masa da dubu tamanin ba zai maye gurbin lungun ba.

Ko mai izini ba a fitar da shi da ƙarfi

Kada mai gini ya karanta wannan ya ɗauka cewa kalmar izini ta ba shi damar watsa kayan mutum a titi. Dokar Abuja ta fassara ɗan haya da faɗi sosai, har ta haɗa da duk wanda ke zaune a wuri ko yana biyan kuɗi ko ba ya biya, in dai ba da'awar mallakar wurin yake yi ba. Lauyan mai izini zai iya kafa hujja da wannan ya ce dole a bi ta kotu. Dokar Legas ta 2011 kuwa ta faɗa ƙarara cewa mai izinin da ya ƙi fita bayan an janye izininsa sai an ba shi takardar kwana bakwai kafin a je kotu. Ita dai wannan doka ta mayar da fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko yaye masa rufi don ya gudu, laifi mai tarar da ta kai naira dubu ɗari biyu da hamsin ko ɗaurin wata shida.

Kotun Ƙoli ta daɗe da tsayawa a kan wannan. A 1986, a shari'ar kamfanin Eliochin da Mbadiwe, ta ɗora wa mai gini diyya saboda ya shiga ya fitar da kayan 'yan haya ba tare da umarnin kotu ba. Mallakar ginin ba ta wanke shi ba. Ƙara kwaɗo, da cire ƙofa, da yanke wuta da ruwa don a takura wa mutum, duk hanya ɗaya ce, kuma mai ginin da ya bi ta yakan shiga kotu da gaskiyarsa ya fito da bashin diyya. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne tashin ɗan haya. Nasu shi ne hana faɗa, da raka ma'aikatan kotu idan akwai umarni.

Wanda ya tarar da kwaɗo a ƙofarsa kada ya ɗauko guduma. Ya ɗauki hoto, ya kira shaidu biyu daga maƙwabta, ya tattaro rasit da takardar yarjejeniya da lissafin kayan da ke ciki, ya sanar da shugabannin kasuwa, sannan ya nufi lauya. Fasa kwaɗo cikin fushi yakan juya magana daga rigimar haya zuwa tuhumar ta da hankali.

Inda ɗan haya ke rasa kariyarsa

Akwai ramuka uku da 'yan haya ke faɗawa. Na farko shi ne wa'adi tsayayye. Idan takarda ta ce shekara biyu daga rana kaza zuwa rana kaza, ranar da ta cika hayar ta mutu da kanta. Babu notis na wata shida, takardar kwana bakwai kawai ta rage. Mutane da yawa suna jin labarin wata shida su ɗauka na kowa ne.

Na biyu shi ne abin da ka sa wa hannu. Tsawon notis da doka ta lissafa yana aiki ne idan ba ku yi wani sharaɗi ba. Idan yarjejeniya ta ce wata ɗaya ya isa ko da kuɗin shekara kake biya, kotu za ta riƙe ka da abin da ka amince da shi. Wannan layi ɗaya ya fi sunan da ke saman takardar muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa wajen karatu.

Na uku shi ne bashin haya. Wanda ya daina biya ya raunana kansa. Kotuna sun sha ɗaukar wanda wa'adinsa ya ƙare ya ci gaba da zama ba biya a matsayin mai zaman ganin dama, wanda notis ɗinsa mako ɗaya ne. Yarjejeniyoyi da yawa kuma suna ba mai gini damar neman wurinsa da zarar an yi jinkirin biya.

Idan hayar za ta wuce shekara uku, magana ta fi ƙarfin rasit. Ana bukatar cikakkiyar takarda ta lauya, a biya mata harajin hatimi, a yi mata rajista a ofishin filaye, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana neman amincewar gwamna idan filin mai takardar mallaka ta gwamnati ne. Mai shirin kashe miliyoyi wajen gyaran shago ya fara da wannan kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya.

Rumfunan kasuwar gwamnati da 'yan tebura

A manyan kasuwanninmu irin su Sabon Gari da Kantin Kwari a Kano, ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, zama hawa-hawa ne. Akwai wanda hukuma ta ba rumfa, akwai wanda ya kama haya a hannunsa, akwai kuma mai tebur da ya kama gaban rumfar a hannun ɗan hayar. Kowane hawa yana tsaye ne a kan na ƙasansa. Ba wanda zai iya ba ka abin da ya fi wanda yake da shi. Idan ɗan hayar da ya ba ka gaban shagonsa ya tashi, izininka ya tashi tare da shi, ko da ka biya shi kuɗin shekara jiya.

Takardar rabon rumfa da hukumar kasuwa ke bayarwa ita ma sai an karanta ta da kyau. Sau da yawa tana ɗauke da sharuɗɗa irin na izini: ba a sayarwa ko a ba wani sai da yardar hukuma, kuma ana iya janye ta idan an saɓa sharaɗi ko za a sake gina kasuwa. Wanda ya zuba kuɗi mai yawa ya sayi rumfa a hannun wani, bai je an sauya suna a ofishin kasuwa ba, ranar da aka zo sabon rabo sunan tsohon mai ita za a kira.

Wannan rabe-rabe ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Malamai sun bambanta ijara, wadda ake mallakar amfanin abu da kuɗi zuwa wa'adi sananne kuma ba mai warware ta shi kaɗai, da aro, wanda alheri ne aka yi maka. Addini ma ya yi umarni da cika alƙawari da rubuta mu'amala. Yawancin rigingimun shago a garuruwanmu suna ƙarewa ne a gaban dattawan kasuwa, kuma sulhu alheri ne. Amma ko a zaman sulhu, wanda ya san matsayinsa ba ya karɓar mako biyu a inda yake da wata shida, kuma ba ya kafewa a kan wata shida a inda ba shi da su.

Saboda haka, ɗan'uwa ɗan kasuwa, kafin ka ƙirga kuɗi ka miƙa wa dillali, ka tabbatar wanda zai ba ka wurin yana da ikon bayarwa. Ka sa a rubuta lambar shagon, da ranar farawa da ta ƙarewa, da tsawon notis, da wanda ke riƙe da makulli, da makomar kuɗinka idan aka sayar da ginin. Ka nemi rasit mai nuna watan ko shekarar da ka biya, ka adana shi a gida ba a cikin shagon ba. Kai kuma mai gini, idan izini kake nufi ka tsara shi a matsayin izini na gaskiya, ka faɗa wa mutum tun ranar farko, kuma idan lokacin rabuwa ya zo ka bi ta takarda da kotu. Kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta muku shafi biyu bai kai ribar yini ɗaya da shago zai yi a rufe ba.